An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ina Gigar Laftof Ɗinka Take Tafiya?

Duk farkon simesta sai an yi rigimar nan a hostal. Ɗalibi ya sayo laftof, an rubuta 256 GB a jikin kwali ko a rasit, ya buɗe This PC ya tarar da 237 ko 238, nan take ya yanke hukuncin cewa mai shago ya cuce shi. Wani har kuɗin mota yake kashewa ya koma kasuwa a yi ta cacar baki. Ni ra'ayina a kan wannan a fili yake, mai shagon nan bai ɗauki ko giga ɗaya ba, kuma giga 18 ɗin da ake kuka a kansu ba su taɓa kasancewa a ciki ba balle a sace su. Asarar da ta cancanci kuka tana zuwa ne daga baya, a hankali, cikin wata shida ko shekara, kuma takan ninka waccan sau uku ko huɗu. Ita ce ba mai kulawa da ita sai ranar da layin da ke ƙarƙashin C: ya koma ja, ana saura kwana biyu a miƙa furojet.

Bari mu fara da lissafin, don ba shi da wuya. Kamfanin da ya ƙera ma'adanar, ko SSD ce ko tsohon faifai mai juyawa, yana ƙirga da dubu-dubu kamar yadda muke ƙirga kilo da giram. A wurinsa giga ɗaya bait 1,000,000,000 ne cif. Shi kuwa Windows da 1,024 yake ƙirgawa, saboda kwamfuta da ninkin biyu take aiki, kuma idan ka ninka 2 sau goma 1,024 za ka samu, lambar da ta fi kusa da dubu. Don haka gigar Windows ita ce 1,024 sau 1,024 sau 1,024, wato bait 1,073,741,824. Ɗauki kalkuletarka ka gwada:

```
256,000,000,000 / 1,073,741,824 = 238.4
```

Ka ga inda 238 ta fito. Hatsin ɗaya ne, mudun awon ne ya bambanta. Wanda ya saba sayen gero ya san buhun da aka auna da ƙaramin mudu aka ce arba'in ne, idan aka sake aunawa da babban mudu sai ya ba da talatin da bakwai, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba. Haka abin yake a kowace ma'adana, 128 tana nuna 119, 512 tana nuna 476, tera ɗaya kuma 931. Kusan kashi bakwai cikin ɗari ke nan a ko'ina. In kana son ganin shaida da idonka, danna C: da maɓallin dama ka zaɓi Properties. A layin Capacity za ka ga lambobi biyu a jere, doguwa ta bait da gajeriya ta GB. Doguwar za ta kusa 256,000,000,000. Ɗan abin da ya rage, giga ɗaya ko ƙasa da haka, yana cikin wasu ƙananan yankuna da Windows ya ware ya ɓoye, ɗaya na tayar da kwamfuta, ɗaya na gyaranta idan ta ƙi tashi. Rubuta `diskmgmt.msc` a wajen bincike za ka gan su a jere.

Ba wai na wanke kowa ba ne fa. Tun 1998 hukumar IEC mai tsara ma'aunan lantarki ta fitar da suna daban ga babban mudun, ta ce a rubuta GiB idan da 1,024 aka ƙirga, a bar GB ga dubu. Kamfanin Apple ya ɗauki wata hanyar a 2009, ya mayar da Mac kan ƙirgen dubu, shi ya sa mai Mac ba ya ganin irin wannan giɓin. Windows ne ya ci gaba da awo da babban mudu yana rubuta sunan ƙarami. A ganina laifin ruɗanin nan a wuyansa yake, don ƙara harafi ɗaya tsakanin G da B da ya kashe rigimar shekara da shekaru. Amma bawan Allahn da ke zaune a shago yana sayar da laftof na hannu ba shi ya tsara wannan ba.

Cuta ta gaskiya tana da alamarta daban. Idan an ce maka 256 ce ka ga 119, to 128 aka ba ka, sai dai idan an raba ma'adanar gida biyu ne, C: da D:, wanda wancan `diskmgmt.msc` ɗin zai nuna maka a take. Ka duba tun a shago kafin ka biya. Shi ke nan a kan wannan.

Yanzu ga inda ake dukan taiki a bar jaki. Kwanaki wani ɗan ajinmu ya kawo mini tasa ina zaune a laburare, mai 256 ce da ram 8, saura masa giga 6 kacal cikin 237. Ya rantse mini ba shi da komai a ciki sai furojet da 'yan handawut. Kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba, da muka duba Documents ɗinsa kaf giga 3 ne. Tambayar ita ce ina sauran 228 ɗin suke. Har wani mai gyara ya ce masa bairos ne, ya kawo a yi fomatin. Na ce masa, Malam, dakata tukuna, bari mu ƙirga.

Windows kansa, tare da wajen da yake keɓe wa kansa, ya ci kusan giga 31. Wannan keɓaɓɓen wajen shi ake kira Reserved storage, Microsoft ta shigo da shi a 2019, yakan kama kimanin giga 7, an ajiye shi ne domin afdet ya samu inda zai sauka ko da ka cika ko'ina. Manhajojin karatu, AutoCAD da MATLAB da Office da 'yan'uwansu, sun ɗauki 46. Waɗannan biyun haya ce da ba makawa sai an biya, giga 77 ke nan kafin ya ajiye ko hoto ɗaya. Wannan ne ma dalilin da ya sa nake ce wa duk ɗan injiniyarin ko akitekca da ke shirin sayen mai 128 don ta fi araha ya sake tunani. Cire 77 daga 119, abin da ya saura 42 ne, da shi za ka yi shekara biyu na ND.

Sai wasu fayiloli guda biyu da ba za ka taɓa ganinsu ba in ba ka neme su ba, don a ɓoye suke a gindin C:. Buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
dir /a C:\
```

Za ka ga `hiberfil.sys` da `pagefile.sys` da girmansu a bait. A ta abokin nan su biyun sun haɗa kusan giga 8. Na biyun shi ne inda Windows yake sauke kaya idan ram ta cika, kamar mai shago da ya jibge kaya a baranda don ciki ya ƙi ɗauka. Kada ka taɓa shi. Wanda ke da ram 4 ko 8 ya kashe shi, zai ga manhaja tana rufewa da kanta yana tsakiyar zane.

Na farkon, `hiberfil.sys`, a kansa nake da saɓani da yawancin masu ba da shawara a bidiyo. Aikinsa shi ne idan kwamfuta za ta yi dogon barcin nan da ake kira Hibernate, sai ta kwashe duk abin da ke cikin ram ta rubuta a wannan fayil, ta mutu ɗungurungum, in an kunna ta dawo daidai inda ka tsaya. A Windows 10 da 11 girmansa yakan kai kashi arba'in cikin ɗari na ram, wato giga 3.2 ga mai ram 8, ko 6.4 ga mai 16. Layi ɗaya ke kawar da shi, idan ka buɗe Command Prompt ta hanyar Run as administrator:

```
powercfg /h off
```

Masu bidiyon nan suna ce maka ka kashe shi ka samu giga kyauta. Su suna zaune inda wuta ba ta ɗaukewa. Mu kuwa da rabin laftof ɗin da ke makarantar nan batirinsu ba ya kai awa ɗaya, kuma ana iya ɗauke wuta kana tsakiyar babi na huɗu, wannan fayil ɗin shi ne ke iya cetonka, don idan batir ya kai gargara Windows yakan yi Hibernate ya adana aikinka maimakon ya mutu da shi. Giga uku ba ta kai darajar aikin dare guda ba. Na ce wa abokina ya bar shi. Mai ram 16 da batir lafiyayye, wanda kullum yake kashe kwamfutarsa gaba ɗaya, shi zai iya kashewa, in ya canza ra'ayi ya rubuta `powercfg /h on` ya dawo da shi.

Daga nan muka fara cin karo da kayan da ba su da dalilin zama. Na farko wata folda mai suna `Windows.old`, giga 22. Satin da ya wuce ne ya ɗaga kwamfutar daga Windows 10 zuwa 11, kuma duk lokacin da aka yi babban sauyi irin wannan Windows yakan ajiye tsohon gaba ɗayansa a gefe, ko da sabon zai ba ka matsala ka so komawa. Bisa ƙa'ida bayan kwana 10 yake share ta da kansa, kodayake wani lokaci takan yi zamanta fiye da haka. Idan sabon yana aiki lafiya, sauti yana fita, Wi-Fi yana kamawa, firinta tana bugawa, babu dalilin jira. Amma a kula da abu ɗaya. In mai gyara ne ya ɗora maka sabon Windows a kan tsoho ba tare da fomatin ba, tsofaffin takardunka da hotunanka suna cikin `Windows.old\Users`, kuma mai yiwuwa nan ne kaɗai suke. Leƙa ciki ka kwashe naka kafin ka share.

Na biyu kwandon shara, Recycle Bin, giga 14. Abin dariya ne amma ya fi komai yawa a tsakaninmu. Mutum ya goge fina-finai goma, ya duba ya ga waje bai ƙaru ba, ya ce kwamfutar ta lalace. Danna Delete ba ya fitar da fayil daga ma'adana, ɗaki kawai yake canza masa. Sai ka zubar da kwandon wajen yake dawowa.

Na uku, kuma babban jakin, Downloads, giga 41. A nan na ɗan daɗe, don yadda foldar nan take cika ya cancanci a fahimce shi. Ka karɓi manhaja a filash wajen aboki, ko ka sauke ta da Wi-Fi na makaranta. Ta zo a dunƙule cikin zip, a ce giga 5. Ka warware ta, ga wata folda giga 6 a gefenta. Ka yi instolin, ga wata giga 8 ta shiga Program Files. Manhaja ɗaya, kwafi uku, giga 19, kuma ɗaya kaɗai ke aiki. Abokina yana da irin wannan har guda uku, ga fayil ɗin ISO na Windows da mai gyara ya bari tun bara, sama da giga 5. Sannan ga bidiyon lakca da ya sauke sau biyu don ya manta ya taɓa saukewa, ana gane su da lambar da ke maƙale a ƙarshen suna, `(1)` ko `(2)`. Na san dalilin da ya sa muke riƙe irin waɗannan, data tana da tsada, ba mai son ya sake sauke giga biyar. Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Amma mazauninsu filash ne ko ma'adanar waje, kuma kwafi ɗaya ya ishi ɗaki guda, ba sai kowa ya ajiye nasa ba. Muka tura zip ɗin zuwa filash, muka share sauran, aka samu giga 29.

Foldar Videos tana da giga 38, yawanci fassarar Indiya da wasannin ƙwallo. Wannan ban ce masa komai ba. Kayansa ne, ya san da su, shi zai yanke hukunci. Damuwata tana kan wanda mutum bai san yana ɗauke da shi ba.

Wanda ya fi kowa ɓuya shi ne AppData, giga 19 a tasa. Folda ce ɓoyayyiya a cikin `C:\Users\` ƙarƙashin sunanka, a nan kowace manhaja take ajiye tarkacenta. Burauza tana ajiye guntayen shafukan da ka buɗe don su yi saurin buɗewa gobe, manhajojin hira suna ajiye hotuna da bidiyon guruf, masu gyaran bidiyo suna ajiye kwafin wucin gadi na duk abin da ka taɓa sakawa a ciki. Akwai wani ɓangarensa da za ka iya sharewa hankali kwance. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta `%temp%`, duk abin da ka gani a ciki na wucin gadi ne. Rufe manhajojinka, zaɓi duka, goge, wanda ya ƙi goguwa ana amfani da shi ne, ka danna Skip. Giga 7 muka samu a nan. Sauran AppData kuwa ba wajen shiga da gatari ba ne, a ciki ake ajiye saitin manhajoji, da alamomin shafukanka na burauza, wani lokaci har da wasiƙun imel. Ka share daga cikin ita manhajar, ta san nata. 'Yan sashen kwamfuta kuma su duba `.android\avd` a foldarsu, kowace wayar gwaji ta Android Studio tana cin giga da yawa, haka ma faifan VirtualBox, wanda yake kumbura idan ka zuba masa kaya amma ba ya saɓewa da kansa in ka goge.

Ragowar giga 9 na System Restore ne, hotunan yanayin kwamfuta da Windows yake ɗauka kafin wasu sauye-sauye don a iya komawa baya. Mun bar su. Ana iya rage musu iyaka a System Protection, amma ba ranar da aka yi sabon afdet ba.

Haɗa lissafin, 22 da 14 da 29 da 7, giga 72 ke nan, cikin ƙasa da awa ɗaya, ba a taɓa furojet ba, ba a goge fim ko ɗaya ba, ba a biya ko sisi ba. Ninki huɗu na 18 ɗin da ya yi wata guda yana zagin mai shago a kansu. Daga 6 ya koma 78.

Ban da `%temp%` ɗin da na ambata, yawancin wannan aikin ana yin sa ne daga wuri ɗaya, Settings, sai System, sai Storage, sai Temporary files. A nan za ka ga Previous Windows installation(s), wato `Windows.old`, da Recycle Bin, da Windows Update Cleanup, kowanne da girmansa. Ka karanta kafin ka sa alama. Akwai akwatin Downloads a jerin, in ka sa masa alama komai na cikin foldar zai tafi, har da takardar biyan kuɗin makaranta da ka sauke ba ka matsar ba. Ita dai wannan foldar da hannu ake tsince ta. In kuma ka gama duk wannan lissafi bai cika ba, akwai ƙananan manhajoji irin su WinDirStat da WizTree da ke zana maka ma'adanar gaba ɗaya, babban fayil babban akwati, ka ga mai cin wajen da idonka.

Da ka buɗe irinsu za ka hango wata folda a cikin Windows mai suna `WinSxS` tana nuna giga goma ko fiye, hannunka zai fara ƙaiƙayi. Kar ka kuskura. Kayan gyaran Windows ne a ciki, kuma girman da ake nuna maka ya zarce na gaskiya, don yawancin fayilolinta suna bayyana a wuri biyu alhali sau ɗaya aka ajiye su. Wanda ya goge ta da hannu, fomatin ɗin da yake gudu ya same shi. Hanyar rage ta da Windows ya yarda da ita ita ce wannan, a Command Prompt na administrator:

```
Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup
```

Wani zai ce, to ni ina ruwana da duk wannan ƙirge-ƙirge, in ta cika na kai a yi fomatin, dubu kaɗan ne, ta dawo sabuwa. Gaskiya ne fomatin yana ba da waje. Amma ba ya bambance shara da babi na uku. Mai gyara yana da kwamfuta goma a gabansa, zai kwafe maka Desktop da Documents in ka yi sa'a, ba zai tsaya neman zanen da ka ajiye a wata folda can cikin C: ba, kuma duk manhajojin nan na giga 46 sai ka sake nemo su ka ɗora. Sannan tunda ba ka san abin da ya cika ta ba, simesta mai zuwa za ta sake cika da abu iri ɗaya. Shi ya sa kalmar bairos ke ba ni haushi a irin wannan wuri. Yana iya faruwa, amma a duk laftof ɗin da aka kawo mini da kukan waje, ƙirge ya bayyana inda kowace giga take ba tare da an kai ga bairos ba.

Wasu kuma suna ganin in dai saura giga ɗaya ko biyu ai ba ta cika ba. Layin nan yana komawa ja ne idan abin da ya rage ya gaza kashi goma cikin ɗari, wato kusan giga 23 a mai 256, kuma ni a nan nake sa iyaka. Ƙasa da haka `pagefile.sys` yana iya rasa inda zai faɗaɗa, babban afdet ya tsaya a hanya, SSD ta rage gudun rubutu saboda ta rasa sararin jujjuya kaya. Mafi muni, manhajoji da yawa sukan fara rubuta kwafin wucin gadi kafin su maye gurbin fayil ɗinka, don haka in waje ya ƙare ana tsakiyar Save, aikin da ka yi tun safe yana iya ƙin ajiyuwa.

Ina da roƙo ɗaya ga ƙungiyarmu ta ɗalibai. A satin karɓar sababbin ɗalibai ana ba da lokaci ga jawabai masu tsawo, a ware minti talatin ga 'yan sashen kwamfuta su nuna wa 'yan ND 1 waɗannan abubuwa a majigi, lissafin 1,024, da shafin Storage, da abin da ba a taɓawa. Sannan kowane sashe ya tanadi ma'adanar waje guda ɗaya a hannun wakilin aji, a zuba manhajojin kyauta da bidiyon lakca da kowa ke buƙata, mai so ya zo ya kwafa, in ya gama ya goge nasa ya san akwai inda zai sake samu. Mai tera ɗaya, wato 931 kamar yadda Windows zai nuna, za ta ɗauki kayan sashe guda har da ragi.